Fostin ɗin kayan shago: Make da Zapier ko kuwa sikirif na kanka?

Tun kafin azumi mutane uku sunka tambaye ni abu ɗaya, biyu masu shagon atamfa da leshi, ɗayan mai takalma a Mabera. Duk sun gaji da tashi kullum su loda hoto a feji ɗaya bayan ɗaya, suna son abin ya riƙa tafiya da kansa, amma an raba masu hankali: wani ya ce su buɗe Make ko Zapier, irin manhajojin da ake haɗa aiki ba tare da rubuta kod ba, wani kuma ya ce a'a, su samu yaro ya rubuta masu sikirif, wato ɗan kod ɗin da zai yi aikin, nasu na kansu su huta da biyan dala. Na bi hanyoyin biyu duka a shagon Gwaggona, ƙanwar babana, don haka bari in shimfiɗa abin yadda na gan shi.

Kafin komai, duba inda kwastomominka suke. In cinikinka duk a sitatus ɗin WhatsApp yake, to ka tsaya nan, don WhatsApp bai buɗe wata ƙofa ta hukuma da manhaja za ta riƙa saka maka sitatus ba. Masu cewa za su haɗa maka, hanyar bayan gida suke bi, kuma lambar da kwastomomi sunka san ka da ita shekara da shekaru ita ce za ka sa cikin haɗarin rufewa. Haka asusunka na Facebook na ƙashin kanka, tun 2018 anka hana manhajoji yin fostin a kai, gurup kuma anka rufe tasa ƙofar a 2024. Abin da ya rage shi ne feji na Facebook da asusun Instagram na kasuwanci, a kansu duk maganar nan take.

Aikin da muke so a yi

Shagon Gwaggo atamfa ne da shadda da mayafai. Muna da teburi a Google Sheets mai shafi huɗu: A sunan kaya, B farashi, C lambar hoton a Google Drive, D kuma wurin alama, in fanko ne ba a saka kayan ba tukuna. Abin da muke so shi ne sau uku a rana a ɗauki layi na farko da D ɗinsa ke fanko, a saka hoton da farashi a feji da Instagram, sannan a rubuta "an saka" a D. Fostin 3 a rana sau kwana 30, fostin 90 ke nan a wata. Riƙe wanga lissafi, da shi za mu auna komai.

Abu huɗu nake dubawa. Kuɗɗi, na farawa da na wata-wata, har da wahalar biyan dala daga nan. Sauƙi, wato ko mai shago ko yaron shago zai iya canza wani abu ba sai an kira wani ba. Ƙarko, wata nawa abin zai yi yana aiki ba a taɓa shi ba. Sai haɗari, wa ke riƙe da mabuɗin fejinka da kuma irin ɓarnar da za a yi in abu ya kuɓuce. Na huɗun da na ukun su ne mutane ba su tambaya sai abin ya faru.

Hanya ta farko: Make ko Zapier

A Make, wanda da can ake kira Integromat kafin a canza mai suna a 2022, za ka ga ƙwallaye ne a allo kana jona su kamar carbi. Namu biyar ne: na farko `Search Rows` ya nemo layin da ba a saka ba, na biyu ya sauko da hoton daga Drive, na uku ya saka a feji, na huɗu ya saka a Instagram, na biyar `Update a Row` ya rubuta alama. Da yamma ɗaya na haɗa shi, bayan la'asar zuwa isha'i, kuma shiga Facebook ɗin danna maɓalli ne kawai ka amince, babu maganar tokin, wato mabuɗin izinin fostin, ko buɗe asusun masu kod.

Wurin kuɗɗi ne ya kamata a zauna a yi lissafi da kyau. Tsarin kyauta na Make yana ba ka aiki 1,000 a wata, kuma duk ƙwallon da ya motsa sau ɗaya an ci maka ɗaya. Ƙwallo 5 sau fostin 90 ya kama 450, ka ga ke nan kyautar ta ishe mu har da ragowa. Amma akwai tarko, kuma ni kaina na faɗa ciki. In ka bar jadawalin a kan duba teburi kowane minti 15, ƙwallon farko zai motsa sau 96 a rana ko da kaya ko babu, wato 2,880 a wata a kan dubawa kaɗai. Ranar ta tara abin ya tsaya cak. Gwaggo ta kira ni bayan sallar asuba, ta ce "ɗana, mi ya samu fejin, jiya ko zane ɗaya ban gani ba." Na buɗe na ga dubun ta ƙare, ba wani abu ya lalace ba. Gyaran shi ne na mayar da tazarar minti 240, na kuma ƙayyade mai daga safe zuwa yamma, ya koma tashi sau uku kacal.

Lokacin kayan sallah kuwa lissafin ya canza, don kaya na shigowa Gwaggo na son fostin 8 a rana, 8 sau 5 sau 30 ya zama 1,200, an wuce kyauta. Tsarin biya mafi ƙanƙanta kusan dala 10 ne a wata da aiki 10,000. In mun ɗauki dala a naira 1,500 don sauƙin lissafi, naira 15,000 ke nan a wata, 180,000 a shekara in ka bar shi yana ta cira. Mu wata biyu kawai munka biya munka koma kyauta.

Zapier lissafinsa daban ne. Shi ba ya ƙirga dubawa, aikin da anka kammala kaɗai yake ƙirgawa, to amma kyautarsa 100 ce a wata kuma mataki biyu kawai yake yarda da shi, abu ɗaya ya faru sai a yi abu ɗaya. Namu yana buƙatar feji da Instagram da rubuta alama, aƙalla 3 sau 90, 270 ke nan, dole sai an biya, kuma tsarinsa na farko ya kai wajen dala 20 a wata in ka biya na shekara gaba ɗaya, in wata-wata ne ya doshi 30. Ya fi Make sauƙin fahimta ga sabon shiga, wannan gaskiya ne, amma ga shagon da ribar turmi ɗaya ba ta wuce dubu ɗaya ko biyu ba, sai ka tambayi kanka turmi nawa za ka sayar kafin ka biya manhaja.

Ga kuma maganar kati. Wata uku katinka na iya wucewa lafiya, na huɗu a ƙi karɓa saboda iyakar da banki ya sa a kan sayayyar waje ko canji ya tashi kuɗɗin ciki ba su kai ba, kai kuma ba ka duba imel, sai dai ka ga feji ya yi shiru.

Ta fuskar ƙarko, nan ne ƙarfin wagga hanya yake. Duk lokacin da Facebook ya canza tsarin yadda manhajoji ke magana da shi, ma'aikatan kamfanin ne ke gyara nasu ɓangaren, kai ba ka ma sani ba. Abin da ke kanka shi ne lokaci-lokaci haɗin zai nemi ka sake amincewa, ka shiga `Connections` ka danna `Reauthorize`, minti biyu. In kuskure ya maimaita kansa a jere, Make na kashe aikin ya turo imel, don haka imel ɗin da anka buɗe asusun da shi ya zama wanda ke cikin wayar da ake dubawa kullum. Sannan akwai tarihin kowane tashi, ƙwallon da ya samu matsala za ka gan shi da jan alama da dalili a rubuce, ƙanwata da ba ta taɓa rubuta kod ba ta iya karanta shi ta gane hoton ne bai dace ba.

Hanya ta biyu: sikirif

Da farko a cire wani abu daga lissafi. In wanda zai rubuta maka ya ce sikirif ɗin a laftof ɗin shago zai zauna, ka ce mai a'a. Laftof sai yana kunne, da wuta, da data, a daidai lokacin fostin, kuma wanda ya san zafin Afirilu a Sakkwato da yadda wuta ke zuwa ta koma ya san wanga ba mai ɗorewa ba ne. Ko dai a yi hayar saba, wato kwamfutar kamfani da ke kunne kullum, ana biya duk wata, ko a yi amfani da Google Apps Script, wanda kyauta ne kuma a kan injinan Google yake gudu ko wayarka na kashe. Iyakarsa ga asusun Gmail na kowa minti 6 ne a kowane tashi da aika saƙo zuwa wani shafi kamar Facebook sau 20,000 a rana, fostin uku ko takwas ko kusa ba su kai nan ba.

Ga zuciyar abin, na feji kaɗai:

```
function sakaKaya() {
  const sh = SpreadsheetApp.getActive().getSheetByName('kaya');
  const r = sh.getDataRange().getValues();
  const i = r.findIndex((x, n) => n > 0 && x[3] === '');
  if (i < 0) return;
  const p = PropertiesService.getScriptProperties();
  UrlFetchApp.fetch('https://graph.facebook.com/' + p.getProperty('PAGE_ID') + '/photos', {
    method: 'post',
    payload: {
      source: DriveApp.getFileById(r[i][2]).getBlob(),
      caption: r[i][0] + ' - N' + r[i][1],
      access_token: p.getProperty('TOKEN')
    }
  });
  sh.getRange(i + 1, 4).setValue('an saka');
}
```

Ka gan shi ɗan kaɗan, shi ya sa mutane ke cewa ai abu ne mai sauƙi. Wahalar ba a kod ɗin take ba, tana wajen samo abin da anka kira `TOKEN`, wato mabuɗin da ke ba sikirif izinin yin fostin da sunan fejinka. Sai an buɗe manhaja a shafin Meta na masu kod, a nemi izinin `pages_manage_posts` da `pages_read_engagement`, a samo mabuɗin farko wanda awa ɗaya zuwa biyu yake yi ya mutu, a canza shi da mai tsawon rai na kusan kwana 60, sannan da shi a ciro mabuɗin feji wanda ba shi da ranar mutuwa. Duk wanda ya tsallake mataki ɗaya, abin zai yi aiki ranar gwaji, a biya shi, a tashi da safe ya mutu, ko ya yi wata biyu cif ya tsaya. In ka ga sikirif ya mutu a daidai wata biyu, kusan kullum nan ne matsalar.

Akwai wani abin da ke ruɗa mutane ƙwarai. In manhajar da anka buɗe tana nan a yanayin `Development`, fostin zai fito, kai da wanda ya haɗa za ku gan shi, amma kwastoma ba zai gani ba sai an mayar da ita `Live`. Don haka ranar gwaji kada ka duba da wayarka, ari wayar maƙwabcin shago ka duba.

Instagram kuma mataki biyu ne, a aika hoto ta `/media` sannan a wallafa ta `/media_publish`, kuma shi ba ya karɓar hoton kai tsaye, adireshin hoto yake so wanda kowa ke iya buɗewa. Dabarar da munka yi ita ce a fara sakawa a feji, a ɗauko adireshin hoton daga can a miƙa wa Instagram. Sai JPEG yake karɓa, kuma hoto mai tsawo sosai, irin wanda ake ɗauka don sitatus, yana ƙin sa. Mu duk hoto yanka shi muke zuwa 1080 da 1350 kafin ya shiga Drive. Wagga doka ta hoto har Make da Zapier ta shafa, ƙofa ɗaya duka suke bi.

Kuɗɗin wata-wata babu, amma akwai na farawa. Wani ɗalibi ne ya fara rubuta mana, ya karɓi dubu 60, ya yi aiki mai kyau kuma ban da ƙorafi a kan hannunsa. Wata bakwai abin na tafiya ba a taɓa ba. Sai wayar Gwaggo ta ɓace a gidan biki, munka canza faswod ɗin Facebook kamar yadda ya kamata, canza faswod kuwa yana kashe mabuɗin. Saƙon kuskuren da ke dawowa a irin wanga hali lambarsa 190, amma imel ɗin da ke sanar da cewa sikirif ya faɗi asusun yaron yake zuwa, don shi ya kafa agogon tashin da Gmail ɗinsa, shi kuma lokacin ya tafi bautar ƙasa kudu, netwok ɗin sansaninsu da ƙyar ake samunsa. Kwana goma sha ɗaya feji bai motsa ba. Manhajar Meta ɗin ma a asusunsa take, don haka ko da na san gyaran ban da hanyar shiga, sai da na sake buɗe komai daga farko da sunan shago.

Ƙari a kan haka, kowane zubi na Graph API, ƙofar da sikirif ke bi ya yi magana da Facebook, kusan shekara biyu yake yi a ajiye shi, don haka ko ba abin da ya faru, sikirif na son wanda zai leƙa shi lokaci-lokaci. Amma in akwai wanda zai leƙa ɗin, abin da yake iya yi ya wuce na Make nesa ba kusa ba kuma ba a ƙirga maka komai. Mu mun sa shi tsallake lokacin sallar Juma'a, ya riƙa juya kaya kada atamfa uku su fito a jere, in farashi ya canza a teburi ya sake saka kayan da sabon kuɗɗi. A Make ma ana iya yin irin wannan, sai dai kowane ƙari ƙwallo ne, kowane ƙwallo kuma yana cin lissafi.

| | Make | Zapier | Sikirif a Apps Script |
|---|---|---|---|
| Kuɗɗin farawa | babu | babu | ladan mai rubutawa |
| Wata-wata a fostin 90 | kyauta ta isa | wajen dala 20 zuwa 30 | babu |
| Wata-wata a fostin 240 | kusan dala 10 | wajen dala 20 zuwa 30 | babu |
| Lokacin haɗawa | yamma ɗaya | awa ɗaya ko biyu | kwana biyu zuwa uku |
| Wa ke iya gyara | duk mai karanta Turanci da haƙuri | haka nan | sai wanda ya iya kod |
| Abin da ya fi tsayar da shi | ƙarewar lissafi, kati, sake amincewa | kati, sake amincewa | mutuwar mabuɗi, tafiyar mai rubutawa |

Haɗarin da ya shafi duka biyun

Kada ka ba kowa faswod ɗinka, ko ɗan uwanka ne. Ka ƙara shi a feji da asusunsa, in an gama ka cire. Gmail ɗin da ke riƙe da teburi da Drive da asusun Make ko sikirif, na shago ne, lambar wayar dawo da shi taka ce. In sikirif ne, mabuɗin ya zauna a `Script Properties`, kada a manna shi a cikin teburi ko a turo shi a WhatsApp, don duk wanda ya same shi zai iya yin fostin da sunanka, har ya sa lambar asusun bankinsa kwastomomi su tura. Sai dai ka sani duk wanda ka ba izinin gyara teburin yana iya buɗe sikirif ɗin da ke manne da shi, don haka ka san wa kake ba.

Ɗayan haɗarin kuma babu manhajar da ke maganinsa. Injin bai san an sayar da kaya ba. Wata rana wata mata ta taso tun daga Arkilla a kan keke napep, da hoton wani leshi ruwan toka a wayarta da ya fito a feji da safen nan, alhali shekaranjiya anka sayar da na ƙarshe. Gwaggo ta yi ta ba ta haƙuri, ta biya mata kuɗɗin komawa. Tun ranar dokar shago ita ce duk abin da ya ƙare, kafin a ba da canji a rubuta "an sayar" a shafin D, da zarar D ba fanko ba ne Make da sikirif duka tsallake shi suke.

To wa ya dace da wanne

In fostin ɗinka bai wuce ɗaya ko biyu a rana ba kuma ba ka damu da teburi ba, ba ka buƙatar ko ɗaya cikinsu. Meta Business Suite kyauta ne, yana wayarka, ka zauna ranar Lahadi da dare ka jera na sati guda a feji da Instagram ka sa masu lokaci. Mai takalman Mabera nan na tura shi.

In kana da kaya da yawa a teburi, fostin uku zuwa shida a rana, kuma babu mai kod a gidanku ko a shagonka, ɗauki Make, ka gyara jadawalin tun ranar farko, ka biya watannin sallah kaɗai in lissafi ya wuce. Zapier sai in kana da wasu ayyukan da za ka ɗora mai, kamar oda da rasit da imel, waɗanda za su sa dala ashirin ɗin ta biya kanta.

Sikirif na wanda ya iya kod da kansa ne, ko yake da ɗa ko ƙane da ke zaune a garin ba mai shirin tafiya ba, ko shagon da fostin ɗinsa ya kai goma sha a rana da dokoki na musamman. In za ka ba wani kwangilar, ka sa a yarjejeniya cewa komai da asusun shago za a buɗe, imel ɗin kuskure ya zo wayarka, ya rubuta maka matakan sabunta mabuɗi a takarda, sannan ka riƙe wani kaso na kuɗɗin sai abin ya haura kwana 60 yana aiki.

Shagon Gwaggo yanzu sikirif ne, saboda ina gari kuma ina duba imel ɗin. Amma aikin Make ɗin ban goge shi ba, yana nan a kashe, na nuna wa ƙanwata maɓallin da za ta kunna in na yi tafiya abin ya tsaya.